Saƙon da ya ƙi turuwa

Bayan la'asar Gwaggo ta aiko yaro ya kira ni, wai wayarta ta sami matsala. Na tarar da ita a tsakar gida, tabarau a kan hanci, tana ta dannar wayar da ƙarfi. Ko gaisuwar ba ta bari mun ƙarasa ba ta miƙo min.

"Ɗan nan, duba min. Saƙo ne mai muhimmanci nake so in tura wa mutane, wayar ta ƙi. Na zaɓi zauren dangi, da na zo zaɓen na Islamiyya sai ta hana. Ashe gaskiya ne da ake cewa ba sa son a sani."

Na karɓa na karanta. Rubutu ne na 'yan layuka, an fara shi da salati. Mai rubutun ya ce yanzun nan, a unguwarsu, ya gani da idonsa wasu mutane cikin farar mota sun yi yunƙurin ɗauke yara biyu a hanyar makarantar allo, kuma har yanzu motar tana yawo. Ya rufe da roƙon a tura wa duk wanda aka sani don Allah. Babu sunan unguwar, babu rana, babu sunan mai magana. A saman saƙon akwai ƙananan kibiyoyi biyu manne da juna, da rubutu siriri a gefensu: "Forwarded many times".

Kafin magariba abin ya ƙara ɗaure kai. Ƙanena ya nuna min saƙon a wayarsa, kalma da kalma, amma nasa kibiya ɗaya ce, an rubuta "Forwarded" kawai. Kawu kuma ya shigo da nasa, wanda wani maƙwabci ya aiko zauren 'yan unguwa, shi babu kibiya ko ɗaya. Hankalin Kawu ya fi na kowa tashi, domin a ganinsa maƙwabcin ne ya ga motar. Har ya fara maganar a tara samari su tsaya a bakin layi.

Saƙo ɗaya ke nan a gida ɗaya, da kama uku, kuma ɗaya daga cikinsu ya ƙi turuwa. Na ga ya kamata a bi abin daki-daki kafin wani direba mai farar mota ya shigo layinmu neman gidan biki.

Abin da ya fi sauƙin zargi shi ne wayar kanta, ko data, ko sabis. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Na nemo wata sanarwar suna da Gwaggo ta rubuta da hannunta ta aika wa ƙawarta, na danna turawa, na zaɓi mutum ɗaya, biyu, har biyar, duk ta karɓa. Sai a na shida ta tsaya. Waya lafiyarta ƙalau. Abin da ya bayyana shi ne akwai ƙa'ida iri biyu: wani saƙon ana barinsa ya tafi wuri biyar a tashi ɗaya, wani kuma wuri ɗaya tak.

Saura zargin Gwaggo, cewa wani ne a can ya karanta saƙon ya ga bai yi masa ba ya toshe shi. Ban raina wannan zargin ba, domin mutane da yawa haka suke fassara abin, kuma shi ne yake ƙara wa irin waɗannan saƙonni kwarjini: an hana, ke nan gaskiya ce. Gwada shi kuwa ba wuya. Na gangara cikin hirarrakinta na samo wani hoton gaisuwar Juma'a, furanni da addu'ar neman lafiya, shi ma da kibiya biyu a kansa. Na yi ƙoƙarin tura shi wuri biyu. Wayar ta ƙi, daidai yadda ta ƙi na ɓarayin yara. Babu gwamnatin da take jin tsoron gaisuwar Juma'a. Na koma kan saƙon farko na zaɓi lambata ni kaɗai, nan take ya shigo wayata. Ke nan ba a toshe shi ba. An dai hana shi fita ta ƙofofi da yawa a lokaci guda, kuma abin da aka duba kibiyoyin ne, abin da ke cikin saƙon bai shigo lissafi ba.

Daga nan tambayar ta koma kan kibiyoyin. Me suke ƙirgawa? Muka jera wayoyin gidan a kan tabarma. Ƙanena ya rubuta "salamu alaikum" ya aika wa Gwaggo, saƙon ya isa babu alama. Gwaggo ta tura wa Kawu, kibiya ɗaya ta bayyana. Kawu ya tura min, ni na tura wa matar yayana, ita ta tura gaba, kowa yana ganin kibiya ɗaya. Muna cikin zagayen sai kibiyar ta zama biyu, kuma wanda ya karɓe shi a haka bai iya zaɓar wuri fiye da ɗaya ba. Sallama ce kawai, ba ta fita daga tsakar gidanmu ba, amma ga ta da tambarin saƙon da ya sha yawo.

Bayanin kamfanin WhatsApp ya yi daidai da abin da muka gani. Idan ka tura saƙon da ba kai ka rubuta shi ba, zai isa da kibiya ɗaya. Idan saƙon ya ratsa hannu biyar ko fiye, wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura wa na gaba, sai ya koma mai kibiya biyu. Idan kuwa naka ne, kai ka rubuta, ko ka tura shi wani wuri ba ya ɗaukar alama.

A nan ne akasarin mutane suke kuskuren fahimta, kuma kalmomin da ke kan fuskar wayar suna taimaka wa kuskuren. Wanda ya ga an ce an tura saƙo sau da yawa zai ɗauka dubban mutane sun gani. Abin da ake ƙirgawa shi ne tsawon sarƙar da ta kawo maka saƙon, yawan waɗanda suka gan shi ba ya cikin lissafin. A yau zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024. Mutum ya zauna ya ƙirƙiri labari ya saka shi a zauruka biyar cikakku, mutum 5,120 ke nan suka gani babu wata kibiya, domin daga hannun mai shi ya fito. A cikinsu mutum ɗari kacal su tura shi, kowa zuwa cikakken zaure ɗaya, an ƙara mutum 102,400, kuma duk kibiya ɗaya za su gani. Sallamar ƙanena da mutanen gida ɗaya suka gani ta sami kibiya biyu, labarin da ya shiga waya dubu ɗari bai samu ba. Kibiya biyu abu ɗaya take faɗa maka: tsakaninka da wanda ya fara maganar akwai aƙalla hannu biyar, wanda ya turo maka ba shi ne ganau ba, kuma da wuya ya san ganau ɗin.

Sai Kawu, wanda duk wannan lokacin yake sauraro, ya kawo tambayar da ta fi kowace nauyi. Ya ce: "To tsaya. Ba ku kuke cewa kamfanin ba ya iya karanta saƙon mutane ba? Wanda bai ga saƙo ba, yaya aka yi ya san sau nawa aka tura shi?"

Tambaya ce mai kyau, domin idan amsarta ita ce kamfanin yana karantawa, zargin Gwaggo ya dawo da ƙarfinsa. Tun watan Afrilun 2016 WhatsApp ya kammala kulle saƙonni daga waya zuwa waya. Wayar mai aikawa takan sarƙafe saƙon kafin ya fita, kuma makullin buɗe shi yana wayar mai karɓa ne kawai. Na'urorin kamfanin da ke tsakani suna ɗaukar kaya ne a kulle su miƙa. Da a ce su ne suke riƙe da lissafin turawa, da dole su gane cewa saƙon da ya fita daga Kano yau shi ne wanda ya fita daga Maraɗi jiya, kuma ba za su gane ba sai sun ga cikinsa.

Dabarar da aka yi ita ce, lissafin yana tafiya ne tare da saƙon, a cikin kullin. Kowane saƙo yana ɗauke da wata 'yar lamba da ido ba ya gani. Idan ka danna turawa, wayarka ce take duba lambar, ta ƙara ɗaya, ta kulle saƙon da sabuwar lambar ta aika. Wayar mai karɓa ta buɗe, ta duba lambar, ta yanke shawarar kibiya nawa za ta zana. Ita ce kuma take hana shi zaɓar wuri fiye da ɗaya idan lambar ta kai. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa bai san sau nawa aka tura wani saƙo ba. Wanda ya hana Gwaggo turawa ba ya wani ofis a Amurka ko Abuja, manhajar da ke cikin wayarta ce take bin ƙa'idar da aka ɗora mata, kuma ba ta san bambancin ɓarawon yaro da furen Juma'a ba.

Wannan ya kuma bayyana abin da ya sa kibiyar ba ta faɗin sunan kowa. Malaman hadisi idan suka jero isnadi, kowane mutum a cikin sarƙar da sunansa, a bincika ko mai gaskiya ne, ko ma ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Sarƙar WhatsApp tsawonta kawai ake nuna maka, an share sunayen duka sai na ƙarshe, wato ɗan'uwanka ko ƙawarka da ka yarda da su. Amincin na ƙarshen ne yake rufe jahilcinmu game da sauran.

Yanzu saura na Kawu, wanda ya zo babu kibiya. Idan lissafi yana bin saƙo duk inda ya je, yaya aka yi wannan ya iso fes, kamar yanzu aka rubuta shi? Hanya biyu ce kawai. Ko dai maƙwabcin ne ainihin wanda ya rubuta, saƙon ya fita daga unguwarmu ya zaga ya dawo wa Gwaggo, ko kuma akwai yadda ake wanke lissafin. Ta farkon ta rushe da muka duba lokaci: na Gwaggo ya shigo tun da hantsi da kibiyoyinsa biyu, na maƙwabcin bayan azahar. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya.

Muka je muka same shi bayan sallar isha'i. Mutumin kirki ne, mai 'ya'ya ƙanana, kuma bai ɓoye komai ba. Bai ga wata mota ba. Wani abokin kasuwancinsa ne ya turo masa, ya so ya watsa wa zaurukansa, wayar ta ƙi. Sai ɗansa ya nuna masa dabara: a danne rubutun, a kwafe shi, a liƙa a wurin rubuta saƙo, a aika. Haka ya yi ta yi zaure bayan zaure.

Da wannan aka warware kama ukun. Rubutun da aka kwafa aka liƙa, a wurin waya sabon saƙo ne, lambarsa ta koma sifili, mai liƙawar ne marubucinsa. Haka abin yake ga hoto ko bidiyon da aka ajiye a waya aka sake ɗorawa, ko saƙon da aka ɗauki hotonsa daga fuskar waya. Na ƙanena mai kibiya ɗaya kuwa jikan irin wannan kwafin ne: wani ya wanke lissafin, wani ya tura daga wurinsa, ƙirga ta fara daga farko. Saƙon da ya fi kowanne kama da shaidar ganau shi ne wanda aka goge wa tarihi.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne, iyakar da aka saka don rage yaɗuwar jita-jita ita ce ta tura maƙwabcinmu ga hanyar da ta fi haɗari. Da ya tura da maɓallin turawa, da Kawu ya ga kibiya biyu ya san labarin daga nesa yake. Da ya kwafa, kalmomin "na gani da idona" sun fito a ƙarƙashin sunansa da lambarsa, a zauren mutanen da suka san gidansa. Bai yi niyyar ƙarya ba, amma ya ba da shaidar abin da bai gani ba, kuma an kusa tara samari a kan shaidar.

Wanda bai san asalin waɗannan kibiyoyi ba zai ga kamar na cika tsoro. Asalinsu a Indiya yake, ƙasar da ta fi kowace yawan masu amfani da WhatsApp, kuma labarin da ya haife su irin na wayar Gwaggo ne sak. A shekarun 2017 da 2018 saƙonnin ɓarayin yara sun karaɗe jihohi da dama na ƙasar. Akwai wani bidiyo da ya yi ta yawo, an ga mutum biyu a kan babur sun fizge yaro daga cikin yara masu wasa a titi. A Karachi ta Pakistan aka shirya bidiyon don wayar da kan iyaye, kuma a ƙarshensa mutanen sun dawo da yaron sun ɗaga takardar faɗakarwa. Wani ya yanke ƙarshen ya saki sauran. Ƙauyuka suka shiga zaman ɗar-ɗar, duk baƙon da ya tsaya tambayar hanya ko ya yi wa yaro magana ya zama abin zargi. Mutum fiye da ashirin aka kashe a irin wannan ɗaukar doka a hannu.

Wanda ya fi girgiza ƙasar ya faru ranar 1 ga Yulin 2018 a ƙauyen Rainpada, gundumar Dhule, jihar Maharashtra. Wasu mutum biyar daga wata al'umma mai yawon bara suka sauka daga mota ranar kasuwa. Aka ga ɗayansu yana magana da wata yarinya. Jama'a suka taru a kansu, aka kai su ofishin majalisar ƙauyen, taron ya bi su har ciki ya kashe su duka biyar. Babu yaron da aka sace.

Gwamnatin Indiya ta matsa wa kamfanin lamba, kuma cikin watan nan na Yuli abubuwa biyu suka fito. Na farko alamar kibiya ɗaya, don mai karɓa ya san ba wanda ya aiko masa ne ya rubuta ba. Na biyu iyakar turawa: wuri biyar a Indiya, ashirin a sauran duniya. Kafin nan mutum yana iya zaɓar wuri har 256 a tashi ɗaya, a lokacin da zaure yake ɗaukar mutum 256, wato dannawa ɗaya tana iya kai saƙo ga mutum 65,536. Iyakar biyar ta mai da wannan adadi 1,280. A watan Janairun 2019 aka shimfiɗa iyakar biyar ga duniya baki ɗaya, makonni kaɗan kafin babban zaɓen Najeriya na watan Fabrairu, kuma ba a jima ba da Shugaba Buhari ya tsaya a Poland yana musanta jita-jitar cewa ya mutu an kawo wani Jubril daga Sudan ya maye gurbinsa. Kibiya biyu ta biyo baya a cikin shekarar.

Ƙa'idar da ta tsayar da Gwaggo kuwa annobar korona ce ta kawo ta. A watan Afrilun 2020, mutane suna kulle a gida, magungunan ƙarya da labaran ƙarya suna ta zuba, kamfanin ya ce duk saƙon da ya kai kibiya biyu ba za a tura shi sai wuri ɗaya a lokaci guda ba. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya tashi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, gari bai waye ba sai da ya gama Najeriya, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. A 2022 aka ƙara wani mataki: saƙon da yake da ko kibiya ɗaya ce, a cikin wurare biyar da za a tura shi, zaure ɗaya kawai ake yarda a saka. Wannan ya zo ne a shekarar da aka faɗaɗa zauruka daga mutum 256 zuwa 512, sannan 1,024, kuma ni a ganina faɗaɗawar ta cinye wani ɓangare na abin da iyakar ta tanada.

Shin abin ya yi aiki? Kamfanin ya ce iyakar biyar ta rage tura saƙonni da kashi 25 cikin ɗari a duniya, kuma makonni kaɗan bayan ƙa'idar 2020 ya ce yawon saƙonni masu kibiya biyu ya ragu da kashi 70 cikin ɗari. Alƙaluman nasa ne, kuma bayan abin da muka gani a layinmu akwai tambayar da dole a yi musu: saƙon da aka kwafa aka liƙa ya fita daga jerin masu kibiya biyu, amma bai daina yawo ba. Wasu masu bincike da suka bi zaurukan siyasa na Indiya da Brazil da Indonesiya a 2019 sun gano cewa iyakar tana jinkirta saƙo, amma ba ta tsayar da wanda jama'a suka ƙudura yaɗawa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa aikin banza ne ba. Yawancin masu tura jita-jita ba mugaye ba ne, irin Gwaggo ne, tsoro da tausayi ne suke motsa yatsansu, kuma abin yana faruwa cikin daƙiƙoƙi. Idan aka ce sai ta koma ta sake danna saƙon, ta sake zaɓar zaure, sau shida don zaure shida, da yawa za su gaji a na biyu. Gwaggo ita ma jinkirin ne ya sa ta aiko a kira ni, kiran ne ya kai mu ƙofar maƙwabci. A labarin ɓarayin yara, awa ɗaya ta jinkiri tana iya zama ran mutum. Wanda iyakar ba ta taɓawa shi ne mai yi da gangan: ɗan farfagandar siyasa mai wayoyi goma da yaran da ake biya su kwafa su liƙa. Shi bai taɓa dogara da maɓallin turawa ba.

Kawu ya so a ci gaba da bin sawu har a kamo wanda ya fara rubutawa. Mun gwada. Maƙwabci ya kira abokin kasuwancinsa, shi ya ce daga zauren 'yan garinsu ya samo, wanda ya saka a can ya ce bai tuna inda ya gani ba. A nan sawun ya ɓace, kuma ko kamfanin aka tambaya ba shi da rajistar da za ta nuna. Gwamnatin Indiya ta nemi canja wannan: a watan Fabrairun 2021 ta fitar da dokokin da suka wajabta wa manyan manhajojin saƙo su iya nuna wanda ya fara aika saƙo idan hukuma ta buƙata. A watan Mayu WhatsApp ya kai ƙara babbar kotun Delhi, yana cewa ba zai iya haka ba sai ya ajiye tambarin kowane saƙo na kowane mutum, abin da zai rushe kullin gaba ɗaya. Na fahimci fushin wanda aka kashe wa ɗan'uwa a kan ƙarya, amma a wannan ina bayan kullin. Makullin da zai tona mai ƙirƙirar jita-jita shi ne zai tona ma'aikacin da ya fallasa satar kuɗin asibiti. Kuma bayan duk wannan, wanda za a kamo a matsayin mafarin saƙo zai iya zama irin maƙwabcinmu, wanda kwafa kawai ya yi.

Ba mu gano marubucin ba, amma mun gano shekarun saƙon. Ƙanena ya buɗe wurin bincike na cikin WhatsApp ya rubuta "farar mota". Sai ga saƙon ya fito a zauren abokan karatunsa tun bara, kalmominsa ba su canja ba, sai dai a wancan an ambaci sunan wani gari mai nisa da mu, a namu kuma an cire sunan an bar "unguwarmu". Wannan cirewar ce take ba irin waɗannan saƙonni tsawon rai. Labarin da ya ce a layi kaza, ranar kaza, ana iya zuwa a tambaya, ya mutu cikin yini ɗaya. Wanda ya ce "yanzun nan" da "unguwarmu" ya dace da kowace rana da kowace unguwa, daga Zariya har Damagaram. Washegari mai unguwa ya tabbatar babu gidan da ya kawo ƙarar ɓatan yaro ko yunƙurin ɗaukarsa, malamin makarantar allon ma bai ji komai ba. Maƙwabcin ya koma zauren ya rubuta da kansa cewa bai ga komai ba, turo masa aka yi.

Satar yara gaskiya ce a ƙasar nan, iyaye a Kano sun san zafinta, shi ya sa saƙon ya kama zukata. Ba na cewa duk mai kibiya biyu ƙarya ne. Sanarwar ɓatan yaro ta gaskiya, da sunansa da hotonsa da lambar mahaifinsa, ita ma za ta ratsa hannu biyar kafin azahar ta sami kibiyoyinta, kuma iyakar za ta rage mata gudu kamar yadda take rage wa ƙarya. Wannan farashi ne na gaske, kuma masu gaskiya ne suke biyansa. Bambancin shi ne ita tana ɗauke da abin da za a tabbatar da ita: akwai lambar da za ka kira, akwai unguwar da za ka tambaya, akwai ranar da za ka duba ko an riga an ga yaron tun watan jiya.

Roƙona ga mai karatu guda ɗaya ne, kuma ya fi shafar matasan da iyaye suke miƙa wa waya su ce a gyara. Idan waya ta ƙi tura saƙo wuri fiye da ɗaya, kada ka koya wa tsohonka kwafa da liƙawa. Nuna masa kibiyoyin, ka gaya masa hannu nawa suke nufi, ku nemi sunan wuri da rana da lambar da za a kira. In kun tabbatar kuma ya zama dole a sanar da mutane, ku tura shi da maɓallin turawa, zaure ɗaya bayan ɗaya, kibiyoyinsa suna kansa, ku ƙara layi ɗaya da bakinku kuna faɗin wanda kuka kira da abin da ya ce muku.